FASHIN BAƘI: Tambayoyin da ya kamata matashi ya aika wa mai ɗaukar aiki kafin ya sa hannu

Duk shekara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suna yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa, alhali guraben aikin gwamnati ba su kai ko kusa da adadinsu ba. Mafi yawansu kan ƙare a makarantu masu zaman kansu, ko asibitocin kuɗi, ko bankuna, ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar. A irin waɗannan wurare takardar ɗaukar aiki, wadda matasa suka fi sani da ofa, ita ce kusan dukkan dokar da ke tsakanin ma'aikaci da ubangidansa.

Wanda ya shekara biyu ko uku yana yawo da takardu, idan ofa ta zo hannunsa, layin albashi kaɗai idonsa kan nema. Amma a ƙasan wannan layi akwai sharuɗɗa uku da su ne za su yi magana ranar da dangantaka ta yi tsami: wa'adin gwaji, da tsawon kwantiragi, da notis ɗin rabuwa. Ba a karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar baƙin juna, domin kowanne yana iya rushe abin da ɗaya ya yi alkawari. Takarda tana iya cewa aikin na shekara guda ne, sannan sakin layi na gaba ya mayar da shi aikin mako guda ba tare da mai sa hannu ya lura ba.

Abin da doka ta tanada, da wanda ta bari a baya

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki a sashe na 7 ya bai wa ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa. Bayanin ya haɗa da irin aikin, da albashi da yadda ake biyan sa, da ranar ƙarewar kwantiragi idan mai wa'adi ne, da tsawon notis. Sai dai dokar ta ba shi har wata uku bayan fara aiki kafin ya miƙa wannan takarda. Ke nan mutum zai iya yin wata biyu da rabi yana aiki bai san sharaɗin da yake kai ba, kuma ba a karya doka ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a nemi amsa tun kafin ranar farko.

Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙarancin notis. Wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Sai wanda ya kai shekara biyar ko fiye ne ke da wata guda. Mutane da yawa a gari sun ɗauka notis ɗin wata ɗaya haƙƙi ne na kowa da kowa, kuma ba haka ba ne. Idan ma'aikaci yana da wata guda tun a shekararsa ta farko, to takardarsa ce ta ba shi.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai digiri. Sashe na 91 ya fassara ma'aikacin da dokar ke karewa da cewa mai aikin ƙarfi ne ko aikin akawu, ya kuma fitar da masu aikin gudanarwa, da shugabanci, da fasaha, da na ƙwarewar sana'a. Direba da masinja da magatakarda suna ciki. Akanta, da injiniya, da jami'in shiri a ƙungiyar agaji, da masanin ɗakin gwaje-gwaje a asibiti, lauyan kamfani zai iya tsayawa gaban kotu ya ce dokar ba da su take ba. Abin mamakin shi ne, gwargwadon zurfin karatun mutum, gwargwadon yadda ya dogara ga takardar da ya sa wa hannu. Game da wa'adin gwaji kuwa, dokar ba ta ƙayyade masa tsawo ba ga kowa.

Takardar wani malami

Don a ga yadda sharuɗɗan ke cin juna, a ɗauki misalin wani matashi da wata makarantar sakandare mai zaman kanta a cikin birnin Katsina ta ɗauka koyar da lissafi. Misali ne kawai, amma sharuɗɗan irin waɗanda ake gani ne. Albashinsa naira 90,000 a wata. A cikin wannan, gundarin albashi naira 36,000 ne, sauran 54,000 kuma alawus ne na gida da sufuri da makamantansu. Kwantiragin na shekara guda ne, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, kuma an rubuta cewa ana iya sabunta shi. Zai yi gwajin wata shida, wanda hukumar makaranta za ta iya tsawaitawa idan ta ga dama. A lokacin gwaji makaranta za ta iya sallamar sa da notis ɗin mako guda ko kuɗin da ke maimakon sa. Shi kuma idan zai tafi, sai ya ba da notis ɗin wata uku ko ya biya albashin wata uku.

Da kallon farko, takarda ce mai kyau: shekara guda cur, naira miliyan ɗaya da dubu tamanin. Sai a duba abin da zai faru idan aka sallame shi a ƙarshen Disamba, bayan zangon farko. Da a ce kwantiragin na shekara guda ne ba tare da sharaɗin yanke shi a tsakiya ba, da yana da hujjar neman albashin wata takwas da suka rage, wato naira 720,000. Kotun Ƙoli ta bayyana wannan ƙa'ida a shari'ar kamfanin tsaro na Shena da kamfanin Afropak a 2008: wanda ya katse kwantiragi mai wa'adi kafin lokacinsa, yana ɗauke da nauyin abin da ya rage. Amma takardar malamin ta buɗe ƙofar mako guda. Idan kuma aka lissafa makon a kan gundarin albashi, abin da zai karɓa bai wuce naira 9,000 ba. Tsakanin 720,000 da 9,000 babu komai sai sakin layi ɗaya.

Lissafi a kan gundarin albashi ba wayon makaranta ba ne kaɗai. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago da kansa ya ce idan za a biya kuɗi maimakon notis, ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da alawus a ciki. Shi ya sa yadda aka rarraba albashi ke da tasiri fiye da yadda ake zato. Mutum biyu na iya karɓar 90,000 iri ɗaya kowane wata, amma ranar sallama ɗaya ya tafi da ninki biyu na ɗaya. Tambayar da za a aika a nan gajeriya ce: "Kalmar albashi da ke cikin sharaɗin notis, jimillar albashi take nufi ko gundarinsa? Kuma ma'anar ɗaya ce ko ni zan biya ko makaranta za ta biya?"

Rabin tambayar na biyu ba ado ba ne. Idan malamin ya sami aikin gwamnati a watan Maris, aka ce ya kama aiki cikin mako biyu, sharaɗin wata uku zai faɗo masa. A kan jimillar albashi, bashin naira 270,000 ne. A kan gundari, 108,000. Takardar da ta yi shiru kan ma'anar kalmar ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya fi ƙarfi ya zaɓi ma'anar da ta yi masa daɗi a kowane lokaci. Makaranta tana da uzuri na gaskiya idan ba ta son malami ya watsar da 'yan aji shida ana gab da jarrabawar kammala sakandare. Amma maganin wannan shi ne a ce notis ya dace da ƙarshen zango, kuma ya hau kan ɓangarorin biyu daidai. Wannan shawara ce da mai neman aiki zai iya gabatarwa cikin ladabi, kuma mai makaranta mai adalci ba zai ga laifinta ba.

Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa

Gwajin malamin zai cika a ƙarshen Fabrairu. Idan hukuma ta tsawaita shi da wata shida, to shekarar gaba ɗaya ta zama gwaji, kuma notis ɗin mako guda ya bi shi har Agusta. Idan aka sabunta kwantiragin da takarda iri ɗaya, sai gwajin ya sake farawa daga farko. Ta haka ne ake samun mutanen da suka shekara uku ko huɗu a wuri guda ba a taɓa tabbatar da su ba.

Matsayin wanda ke gwaji a gaban kotu mai rauni ne. A shari'ar Ihezukwu da Jami'ar Jos a 1990, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa manufar gwaji ita ce mai ɗaukar aiki ya riƙe 'yancin ƙin tabbatar da ma'aikaci idan bai gamsu da shi ba. Amma akwai ɗaya gefen. A shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Dakta Onabanjo a 1991, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa idan wa'adin gwaji ya cika, aka bar mutum yana aiki ana biyan sa albashi ba a ce masa komai ba, to ana ɗaukar an tabbatar da shi. Ba a yarda mai ɗaukar aiki ya ci moriyar shirunsa ba.

Lauyoyin kamfanoni sun san wannan hukunci, saboda haka wasu takardun kan ƙunshi jimlar da ke cewa ma'aikaci yana nan a gwaji har sai an ba shi takardar tabbatarwa a rubuce. Wannan jimla ce ya kamata ido ya nema. Inda take, tambayoyin su ne: "Sau nawa za a iya tsawaita gwajin, kuma iyakarsa wata nawa ne gaba ɗaya? Idan ranar ta wuce ba a rubuto mini komai ba, mene ne matsayina?" Sai kuma ta uku, wadda kan fito da halin wurin aiki fili: "Da wane ma'auni za a auna ni, kuma wa zai auna?" Wurin da ke da tsari zai amsa nan take, ya ce shugaban sashe ne zai cika fom a wata na uku da na shida, ga abubuwan da ake dubawa. Wurin da amsarsa ita ce sai hukuma ta gamsu, to ya faɗi gaskiyar yadda yake.

Ya kamata a haɗa da tambayar abin da ake riƙewa har sai an tabbatar da mutum. Wasu wuraren ba sa fara zuba kuɗin fansho, ko sa ma'aikaci a inshorar lafiya, ko ƙirga masa hutun shekara sai bayan gwaji. Idan haka ne, tsawaita gwaji yana rage wa ubangida kashe kuɗi, kuma duk abin da ke rage kashe kuɗi yana da wuyar ƙarewa da kansa.

A aikin gwamnatin tarayya lamarin ya bambanta. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa gwajin shekara biyu kafin tabbatarwa, ya fi na yawancin kamfanoni tsawo nesa ba kusa ba. Amma wanda aka tabbatar a aikin da doka ta tsara sharuɗɗansa, ba a korar sa sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa, kuma kotu na iya mayar da shi bakin aikinsa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Wannan kariya ba ta bin kowa don kawai ofishinsa na gwamnati ne. Wanda wata hukuma ta ɗauka a kwantiragi ko na wucin gadi, takardarsa ce ke hukunta shi, tamkar ma'aikacin kamfani.

"Ana iya sabuntawa"

Matasan Katsina ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan aikin da ke da wa'adi. Shirin N-Power da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, da alawus ɗin naira 30,000 a wata, na shekara biyu ne tun asali. Rukunin farko sun zarce wa'adin har suka kusa shekara huɗu, kuma da yawa suka fara ɗaukar zarcewar a matsayin alamar za a mayar da su ma'aikatan dindindin. A tsakiyar 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu. A matakin jiha kuma, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kawo shirin S-Power na malaman makaranta, sannan a 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta shirya jarrabawar tantancewa ta ɗauki malamai 7,325. Shirin farko ya ƙare da sallama, na biyun ya buɗe wa waɗanda suka ci jarrabawa hanya. A duka biyun, shawarar gwamnati ce ta yanke makomar mutane, domin daɗewa a kan aiki mai wa'adi ba ta haifar da haƙƙin zama na dindindin da kanta.

Dokar Ƙwadago ta faɗi a sashe na 9 cewa kwantiragi yana ƙarewa da cikar wa'adin da aka yi shi dominsa. Ba a buƙatar notis, ba a buƙatar dalili. Idan 31 ga Agusta ta zo ba a sabunta takardar malamin ba, ba korar sa aka yi ba, don haka babu kuɗin notis da zai nema. Cewa ana iya sabuntawa izini ne ga ubangida, ba alkawari ga ma'aikaci ba. Abin tambaya shi ne: "Wa ke yanke shawarar sabuntawa, kuma kwana nawa kafin ƙarshen wa'adi za a sanar da ni?" Wanda aka shaida masa a watan Yuni yana da lokacin neman wata makaranta kafin a koma hutu. Wanda ya ji a makon ƙarshe na Agusta, ya tarar an cike gurabe.

Ga malamai akwai wata dabara da ta kamata a duba da kyau, wato ranar ƙarewar da kanta. Kwantiragin da ya ƙare 31 ga Yuli, aka sabunta shi a tsakiyar Satumba, ya cire albashin dogon hutu ba tare da an ambaci hutun ba. Haka kuma tazarar tana iya zama hujjar cewa aikin bai ci gaba a jere ba, alhali a jeren shekaru ake ƙirga tsawon notis da garatuti inda ake biyan sa. Sai a tambaya ko shekarun kwantiragin da aka sabunta ana haɗa su wuri guda a lissafi.

Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji kuma nasu sharaɗin shi ne wanda ke cewa aikin ya dogara ga samuwar kuɗin masu tallafi. Kafin Janairun 2025 da yawa sun ɗauke shi a matsayin jimlar cika takarda. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a wannan wata, aka aika wa ƙungiyoyi umarnin tsayar da aiki, jimlar ta zama ita ce kwantiragin. Tambayar da ta dace ita ce ko yankewar tallafi tana soke notis, ko kuwa ƙungiya za ta biya kuɗin notis ɗin daga aljihunta, da kuma ranar da tallafin da ke biyan wannan gurbi zai ƙare. Kwantiragin shekara guda a kan tallafin da ya rage wata biyar, kwantiragin wata biyar ne.

Me ya sa sai a rubuce, kuma kafin sa hannu

Za a iya cewa kotu na nan. Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, hurumin shari'un ƙwadago ita kaɗai, tare da ikon duba kyakkyawan tsarin da ake bi a duniya. Kotun ta yi amfani da wannan iko. A shari'ar Aloysius da Bankin Diamond a 2015 ta ce bai dace a sallami ma'aikaci ba tare da dalili mai ma'ana ba, kuma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da diyyar albashin shekara biyu a shari'ar kamfanin Sahara da Oyebola, inda korar ta zo da zargi mai ɓata suna. Amma tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu ba. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta yarda an saɓa kwantiragi wajen sallamar, domin kuɗin da ke maimakon notis ana biyan sa ne a lokacin sallama ba daga baya ba, amma abin da ta ba mai ƙara shi ne albashin notis ɗin da ke takardarsa, na wata biyu. Malamin da notis ɗinsa ya kama naira 9,000 zai yi tunani sau biyu kafin ya biya lauya da kuɗin motar zuwa Kano shekara da shekaru.

Alkawarin baki kuma ba ya tsayawa gaban takarda. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don sauya abin da aka rubuta a kwantiragi, ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi. Idan shugaban makaranta ya dafa kafaɗar malamin ya ce kada ya damu, ai ba a taɓa korar kowa a nan ba, maganar tana iya zama gaskiya, amma shugabanni na sauyawa. Saƙon imel ko na WhatsApp ya fi ƙarfi, tunda sashe na 84 na dokar ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa. Duk da haka, takardu da yawa suna da jimlar da ke cewa wannan takarda ita ce dukkan yarjejeniya, ta kuma shafe duk abin da aka faɗa kafin ta. Inda wannan jimla take, amsar da aka samu a imel sai an shigar da ita cikin takardar kanta, ko a maƙala ta a matsayin ƙari da sa hannun ɓangarorin biyu.

Tsoron da ke hana tambaya sananne ne: kada a ce yaron nan ya cika iyayi tun bai shigo ba, a kira na biyu a jerin suna. Yadda aka rubuta saƙon yana rage wannan haɗari. Ya zama guda ɗaya, gajere, ya fara da godiya da nuna niyyar karɓar aikin, sannan tambayoyi huɗu ko biyar, kowacce da lambar sakin layin da take magana a kai. Malamin zai iya rubuta wa shugaban makarantar: "Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama, kuma a shirye nake in fara ranar 1 ga Satumba. Akwai wurare huɗu da nake roƙon a fayyace mini don in sa hannu da cikakkiyar fahimta." Idan takardar ta ce sauran sharuɗɗa suna cikin littafin ƙa'idojin ma'aikata, a nemi kwafinsa a cikin wannan saƙo, domin sa hannu a takardar yana iya ɗaure mutum da littafin da bai taɓa gani ba.

Idan amsa ta zo aka yarda da gyara, mafi kyau shi ne a sake buga shafin. Inda aka gyara da biro, ɓangarorin biyu su sa hannu da kwanan wata a gefen gyaran, kuma ma'aikacin ya fita da nasa kwafin mai ɗauke da sa hannun ubangida da hatimin wurin a ranar, kada ya bar shi a ofis da sunan za a aiko masa.